Wane irin rubutu zan zaɓa don yankan binil da bugun raga a tishat?

Tambaya: Salamu alaikum, masu sana'a. An ba ni aikin tishat 60 na wata ƙungiya, tambari a ƙirjin hagu, faɗinsa santimita 9, a ƙasansa an rubuta "Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai" da Times New Roman. Da na yanka a binil, ƙananan haruffan suna tasowa wajen tsincewa. Da na gwada a raga kuma, cikin a da g ya toshe da fenti. Na mayar da shi Impact, abin ya ƙara lalacewa. Wane salon rubutu ya kamata in yi amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye maganar suna tukuna, ka ɗauko ma'auni. Abu biyu ne suke yanke hukunci a kan ko rubutu zai fito a riga: kaurin layi mafi siranta a cikin harafin, da faɗin rami mafi ƙanƙanta, wato cikin a, e, g, A, B da ire-irensu. Duk biyun ana auna su da milimita, a ainihin girman da za su hau riga. Lambar `pt` da kake gani a allo ba ta gaya maka ko ɗaya daga cikinsu, domin salo biyu masu `pt` iri ɗaya suna iya bambanta ninki uku ko huɗu a kaurin layinsu.

Ga iyakokin da za ka riƙe. A binil na yau da kullum, irin mai santsi wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kada layi ya gaza milimita 1, kada rami ko tazarar da ke tsakanin haruffa ta gaza milimita 1. Idan ka samu 1.5, hankalinka ya kwanta. A binil mai ƙyalƙyali ko mai gashin karammiski, wanda ya ninka na farko kauri sau uku ko fiye, ka ɗaga zuwa milimita 2. A bugun raga layi yana iya sauka har kusan milimita 0.4 idan ragar mai laushi ce kuma an haska ta daidai, amma rami yana buƙatar akalla 0.7, a farin fenti mai kauri kan baƙar riga kuwa ka ba shi 1. Ka lura, a raga rami ya fi layi buƙatar fili. Dalilin zai zo.

Mu auna naka aikin. Jimlar tana da haruffa 24 da tazara biyu. Idan aka shimfiɗa ta a layi ɗaya cikin santimita 9 da Times New Roman, girman yana faɗawa wajen `23 pt`. A wannan girman, siraran sassan harafin, kamar wuyan a da gashin da ya haɗa saman g da ƙasansa da ƙananan ƙafafun da ke ƙarshen kowace sanda, ba su wuce sulusin milimita ba. Ka ga ke nan tun kafin wuƙa ta taɓa leda aikin ya riga ya faɗi. Ba laifin injinka ba ne.

Abin da ke faruwa a binil shi ne, wuƙar injin yanka ba juya ta ake yi ba, jan ta ake yi. Tsininta yana ɗan bayan tsakiyar maƙallinta, galibi da milimita 0.25, don haka duk lokacin da layi ya karya kwana sai wuƙar ta jujjuya a cikin ledar kafin ta bi sabuwar hanya. A babban harafi wannan jujjuyawar ba ta komai. A layin da faɗinsa sulusin milimita ne, jujjuyawar ta kusan kai faɗin layin gaba ɗaya, sai ta ture shi ta ɗaga shi daga ledar bayan da ke riƙe da shi. Wanda ya tsira daga wuƙa kuma sai ya bi sharar wajen tsincewa, saboda danƙon da ke riƙe da shi bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tsira daga nan ma yana da jarrabawa ta uku, wato wanki. Gam ɗin da ke bayan binil daidai yake da faɗin layin, siririn layi ɗan gam kaɗan yake da shi, kuma daga tsinin ƙafar harafi yake fara ɓarewa. Shi ya sa rigar takan fita daga shago lafiya, ta dawo bayan wanki biyu ko uku da ƙorafi.

A raga kuwa labarin daban ne, domin fenti yana bazuwa. Robar shafawa tana tura shi ta cikin raga, yana sauka a kan zaren auduga, yana ɗan faɗaɗa ta kowane gefe. Layi yana ƙara kauri, rami yana raguwa. Kuma rami yana shan bugu ne ta kowane ɓangare, tunda fenti ya kewaye shi. Idan fentin ya bazu da milimita 0.15 a kowane gefe, ramin da yake 0.6 ya koma 0.3, idan ka sake bugu na biyu a kansa ya rufe. Akwai kuma wani abu tun kafin bugu. Ramin harafi a jikin raga ɗan tsibiri ne na maganin da aka shafa aka haska, kuma dole ya sami zaren da zai kama. Ragar da aka fi samu a shaguna, mai lamba 43T, wadda wasu ke kira 110, tana da zare 43 a kowace santimita, wato tsakanin zare da zare kusan milimita 0.23. Tsibirin da bai hau zare biyu ko uku ba, ruwan wankin raga ne zai tafi da shi, ko kuma ya fita bayan riga goma. Idan ka ga cikin harafi ya fito a rigunan farko sannan ya ɓace gaba ɗaya, tsibirin ne ya faɗi. Idan kuwa a hankali yake tsukewa daga riga zuwa riga, fenti ne yake taruwa a ƙasan raga.

To, maganar Impact. Kusan kowa nan yake zuwa idan siririn rubutu ya ba shi kunya, kuma a ƙaramin rubutu gudun gara ne a faɗa gidan zago. Impact yana da kauri, amma an matse shi ta gefe, ramukansa dogaye ne sirara kamar tsaga, tazarar haruffansa kuma ƙarama ce. Ka warware matsalar layi ka sayo matsalar rami. Wurinsa babban rubutu ne, irin sunan ƙungiya a bayan riga mai tsayin santimita 4 ko 5, a nan yana yin kyau ƙwarai. Haka Arial Black da duk wani salo da sunansa ya ƙare da `Black`, `Heavy`, `Ultra` ko `Compressed`. A ɗaya gefen kuma ka guji `Thin`, `Light` da `Hairline`, da masu bambanci mai yawa tsakanin kauri da siranta irin Bodoni da Didot, da rubutun katin biki irin Edwardian Script. Waɗannan an zana su ne don takarda mai santsi.

Abin da kake nema yana tsakiya: salo wanda layinsa kusan kauri ɗaya ne ko'ina, ƙananan haruffansa dogaye ne idan aka kwatanta da manya, bakin c da s da e a buɗe yake, nauyinsa kuma `Medium`, `SemiBold` ko `Bold`. Hanya mai sauƙi ta ganewa da ido ita ce ka dubi n. Idan farin da ke tsakanin ƙafafunsa biyu ya fi kaurin ƙafa ɗaya, salon yana da fili. Idan ƙafar ta fi farin faɗi, ba na ƙaramin rubutu ba ne. Arial Bold, Verdana Bold, Tahoma Bold, Noto Sans SemiBold da Montserrat SemiBold duk suna cikin wannan sahu. Idan mai aiki ya nace sai harafi mai ƙafa, ka kai shi ga masu ƙafar katako irin Rockwell, inda ƙafar take da kauri kusan daidai da sandar, ba tsini ba.

Akwai tarkon da ya shafe mu musamman, kuma yana cikin jimlarka har sau biyu: Ƙ da Ɗ. Yawancin salailan ado da ake saukewa kyauta ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan babu, ko dai ka ga akwati, ko kuma manhajar ta aro harafin daga wani salon ba tare da ta faɗa maka ba, sai ka tarar da Ƙ siriri a gaban haruffa masu kauri, kuma shi ne zai fara tasowa. Impact ba shi da su. Noto Sans, DejaVu Sans, Andika da Arial ɗin da ke zuwa da Windows na zamani suna da su. Kafin ka ƙaunaci kowane salo, ka fara buga wannan ka gani:

```
Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ aeg AB 468
```

Ko a salon da yake da su, ka auna lanƙwasar. Ƙugiyar da ke saman ɗ da ɓ da ƙ tana yin ɗan lungu wanda sau da yawa ya fi cikin a ƙanƙanta, ƙarshenta kuma yakan sirance. Idan lungun ya toshe, Ɗalibai ya koma wani abu mai ƙullutu a ka. Masu zana ƙugiyar da hannu a kan D ko K su kan yi ta siririya don kada ta ɓata fasali, wannan kuskure ne, a ba ta kaurin sandar harafin. Haka lamarin yake ga ɗigon i da alamar da ke gaban 'y, da ɗigogin rubutun Larabci a rigunan Islamiyya: duk abin da yake tsaye shi kaɗai ba ya jingine da komai, shi ake fara rasawa wajen tsincewa. Ka ɗan ƙara musu girma, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ba wanda zai lura.

Mu koma kan santimita 9 ɗinka. Idan ka sa Arial Bold a layi ɗaya, girman zai zama kusan `20 pt`. Sandunan tsaye za su kai wajen milimita 1, amma layukan kwance na a da s ba za su kai ba, cikin a kuma yana bakin iyaka. A raga mai laushi zai fito, a binil kuwa za ka tsince shi da addu'a, har sau 60. Yanzu ka raba shi biyu: "Ƙungiyar" a sama, "Tsofaffin Ɗalibai" a ƙasa. Layin ƙasa shi kaɗai a santimita 9 yana ɗaukar kusan `32 pt`, manyan haruffa sun kai milimita 8, sanda ta kai wajen 1.6. Ka sauke shi zuwa `30 pt` ka yi amfani da ragowar filin wajen buɗe tazarar haruffa, musamman wurin ffi a Tsofaffin, inda kawunan f biyu da ɗigon i suke son haɗuwa. Wasu salailan ma suna manne su da kansu su zama harafi ɗaya, idan ka ga haka ka kashe `Ligatures`. Hanya ta biyu ita ce ka mayar da layin duka manyan haruffa. TSOFAFFIN ƊALIBAI zai zauna a kusan `25 pt`, tsayinsa ya ɗan haura milimita 6, babu ɗigon i, babu cikin a da g. Abin da ya rage ka duba shi ne ɗan kusurwar cikin A da ramuka biyu na B. A ganina wannan ce mafi arha a lokaci idan binil za ka yi, ko da yake rubutun da aka gauraya manya da ƙanana ya fi daɗin karantawa.

Yadda ake aunawa a CorelDRAW ba wuya. Ka sa rubutun a ainihin girmansa, ka ajiye kwafi a gefe, ka mayar da shi zane da `Ctrl+Q`, ka shiga `Wireframe`. Ka zana ɗan da'ira mai faɗin milimita 1, ka riƙa jan ta kana ɗorawa a kan siraran wurare da cikin ramuka. Duk layin da da'irar ta fi shi faɗi, da duk ramin da ba ta shiga ba, wurin nan ne zai ba ka matsala. Minti biyu ne, kuma ya fi duk wani jerin sunayen salailai amfani, domin yana aiki har a kan tambarin da mai aiki ya turo maka ta waya.

Idan abin ya gaza da kaɗan kuma ba a yarda ka canza salo ba, kana iya ƙara kauri da `Contour` ta waje, ko `Offset Path` a Illustrator. Amma ka yi lissafin kafin ka danna. Ƙarin milimita 0.15 yana ƙara wa layi 0.3, kuma yana cinye wa rami 0.3. Layin 0.8 ya zama 1.1, madalla, ramin 1.2 kuma ya koma 0.9. Maganin shi ne bayan ƙarin ka fasa harafin da `Ctrl+K`, ka zaɓi ramukan kaɗai ka ɗan faɗaɗa su, ka sake haɗawa da `Ctrl+L`. Kada ka yi ƙarin da `Outline` kawai ka aika wa injin yanka, wuƙa ba ta ganin kaurin `Outline`, tsakiyar layin take bi. Sai ka mayar da shi abu da `Ctrl+Shift+Q` ka haɗa da `Weld`. Kuma idan ƙarin da ake buƙata ya wuce 0.2 ko 0.25, harafin ya fara kumbura yana rasa kamanninsa, gara a nemi nauyi na gaba a cikin dangin salon. Wani abin da ake yawan yi shi ne jan rubutu ta gefe don ya shiga fili. Wannan yana sirantar da sandunan tsaye ya bar na kwance da kaurinsu, ramuka kuma su tsuke. Idan fili ya yi kaɗan a nemi salon da aka zana shi `Condensed` tun asali, mai matsakaicin nauyi.

Rubutu mai haɗe-haɗe irin na hannu yana da nasa sharaɗi. Dole a yi masa `Weld`, in ba haka ba wuƙa za ta yanka cikin kowace mahaɗa ta raba kalmar gunduwa-gunduwa. Bayan `Weld` kuma ka koma `Wireframe` ka nemi 'yan ƙananan ramukan da suka samu inda haruffa suka hau juna, ka goge su. Masu kaurin layi irin Pacifico da Lobster suna yankuwa lafiya idan ƙananan haruffan sun kai santimita 1 da rabi ko fiye, kuma suna da wata fa'ida, kalmar duka yanki ɗaya ce, ba ta tarwatsewa.

Kafin ka ɗora wa salo laifi duka, ka duba injin. Wuƙa ta leƙo kaɗan kawai, kusan rabin kaurin katin banki. Idan ta leƙo da yawa tana huda ledar baya tana jan haruffa. Don ƙaramin rubutu wuƙa mai digiri 60 ta fi mai 45, domin ɗan tsininta ne kawai yake cikin leda lokacin juyawa. Ka rage gudu sosai. Ka yi `Test Cut` ka dubi kusurwoyin: idan sun yi zagaye `Offset` ya yi kaɗan, idan sun fito da ƙaho ya yi yawa. Idan ramuka ba sa rufewa, wato ɗan zare yana riƙe da cikin o a inda wuƙa ta fara, ka kunna `Overcut`. Wajen tsincewa, ka zana akwati kewaye da kowane layi na rubutu, ka fara cire ramukan ciki tun sharar waje tana nan tana riƙe da haruffan, sannan ka ja sharar a kwance a hankali. Binil mai ledar baya mai danƙo ya fi dacewa da ƙaramin rubutu, domin ko ɗigo ya taso kana iya mayar da shi. Dannawa kuma a bi abin da kamfanin ya rubuta, yawancin na yau da kullum wajen digiri 150 ne na daƙiƙa 10 zuwa 15, kuma a tambarin ƙirji ka tabbata ɗinkin wuya ko na hammata bai hau farantin ba, in ba haka ba shi zai ɗauke nauyin, haruffan su sami zafi ba danni.

Sai dai ga riga 60 masu zane ɗaya, ni raga zan ce ka yi. Ka bar 43T don manyan zane da farin fenti mai kauri, ka nemi 62T ko 77T. A 77T tsakanin zare da zare kusan milimita 0.13 ne, tsibiran ramuka suna samun abin kamawa, fentin da ke sauka kuma ya ragu, bazuwa ta ragu. Raga mai launin rawaya ta fi fara riƙe ƙananan bayanai, domin farin zare yana watsa haske zuwa ƙarƙashin baƙin zanen. Zanen da za ka haska da shi ya yi baƙi ƙirin. Ka ɗaga shi ga fitila, idan haske yana ratsa baƙin, siraran layuka za su toshe a raga. Masu ɗora takarda biyu don ƙara duhu su kula, idan suka goce ko da ɗan kaɗan ne sun ƙara wa layi kauri sun rage rami. Gilashi ya danne zanen a kan raga sosai. Haskawa idan ta yi yawa siraran layuka ba sa buɗewa wajen wanki, idan ta yi kaɗan ramuka suna zubewa, kuma mai haskawa da rana ya sani lokacin da ya yi masa daidai da hantsi ba shi ne na azahar ba, don haka ya gwada a ƙaramin yanki a ranar.

Wajen bugu, ragar ta kasance a ɗaure tam, ta ɗaga daga riga da milimita 2 zuwa 3 don ta riƙa tashi a bayan robar shafawa. Bakin robar ya zama mai kaifi, a tsaye-tsaye, danni daidai wanda zai share fenti daga raga. Danni mai yawa da kwantar da roba su ne manyan masu toshe cikin harafi. Fenti mai ruwa kuma a lokacin hunturu yana bushewa a cikin raga cikin ɗan lokaci, kuma siraran layuka ne suke fara toshewa. Ka riƙa rufe zanen da fenti tsakanin riga da riga, kada ka bar shi a buɗe kana gyara wata. Idan rigar baƙa ce za ka sa fari a ƙasa sannan launi a sama, ka rage farin da kusan milimita 0.2 ta kowane gefe don kada ya leƙo. Wannan yana nufin layin da bai kai 0.8 ba kusan ba shi da farin da zai zauna a kai, wani dalilin ke nan na barin Times New Roman.

Ka tambayi masu aikin ko rigar tishat ce mai santsi ko folo mai saƙar ramuka-ramuka. A folo gefen harafi yana faɗawa cikin ramukan saƙar, don haka duk ma'aunin da na ba ka na raga ka ƙara masa rabinsa. Sannan ka buga ɗaya a kan irin yadin, da layi biyu na Arial Bold `30 pt` da kuma na manyan haruffa `25 pt` a gefe, ka wanke ta sau biyu da wankin hannu, ka kai musu su zaɓa tare da ta Times New Roman ɗin da ka riga ka yi.